Jar biro da fensir: yadda muke tantance gyara a shagonmu

Ina da ƙaramin shagon buga takardu da gyaran rubutu a kusa da Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, mu huɗu ne muke aiki a cikinsa. Yawancin abin da ake kawo mana kundin ɗalibai ne da takardun ƙungiyoyi, amma lokaci zuwa lokaci wani yakan shigo da littafin Hausa da ya rubuta da hannu, yana so a buga masa shi a kwamfuta, a gyara, a kai maɗaba'a. A wannan aikin ne na kafa ƙa'idar da ba na yarda a karya ta: jar biro ta kuskure ce kawai, wato wurin da mai gyara zai iya faɗin dokar nahawun da aka saɓa wa, fensir kuwa na shawara ne, wanda marubuci yake da ikon ya goge shi ba tare da ya ba kowa dalili ba.

Kwamfuta ba ta taimakonmu a nan. Idan aka buga Hausa a Word alhali an saita shi a kan Ingilishi, kusan kowace kalma sai ya ja mata jan layi, shi ya sa muke shiga Review, mu zaɓi Language, sannan Set Proofing Language, mu kunna Do not check spelling or grammar, mu huta. Saboda haka alamar da ke kan rubutun Hausa a wurinmu ta mutum ce, kuma mutum yana iya ja wa jimla layi don kunnensa bai saba da ita ba, ko da lafiyarta ƙalau.

A bara wani dattijo, tsohon malamin gona, ya kawo mana littafinsa a kan cinikin hatsi a kasuwannin arewacin jiha, irin su Mai'aduwa da Jibiya. Na ba wani matashi da ke aiki tare da ni, wanda ya karanci Hausa a kwalejin ilimi kuma yake da ido sosai, ya yi karatun farko. Da ya dawo mini da babi na uku, na tarar da jimla guda wadda ya ja wa jar biro har wuri huɗu. Ga yadda dattijon ya rubuta ta: “Dawa kam, manoma sun ajiye ta, amma dillalai sun saye geron da ya shigo kasuwa tun da kaka, kuma waɗanda sun sayar da nasu da wuri su ne jama'a ta fi tausaya wa da bazara.” Na kira shi muka zauna a kan benci, na ce ya faɗa mini dokar kowane wuri ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da “sun ajiye”, wanda ya mayar “suka ajiye”. Ya ce: “Maigida, ai an jawo dawa an kawo ta farkon jimla, kuma an koya mana cewa idan aka yi haka sai a ce suka.” Dokar da ya ambata gaskiya ce, amma ba nan ne wurinta ba. Hausa tana kawo suna gaba ta hanya biyu mabambanta. Akwai ƙarfafawa, inda ake ware abu daga sauran, kamar a ce “dawa ce manoma suka ajiye”, ma'ana dawa ce ba gero ba, kuma a nan dole ne a ce suka. Akwai kuma gabatar da abin da za a yi magana a kansa, inda mai magana yake ambaton abu, ya ɗan dakata, sannan ya faɗi labarinsa a cikakkiyar jimla. Alamomin wannan na biyun duk suna cikin rubutun dattijon: ga “kam”, ga waƙafi bayanta, ga kuma “ta” da ta dawo bayan aikatau tana wakiltar dawar. Idan aka rufe “dawa kam” da yatsa, abin da ya rage, “manoma sun ajiye ta”, jimla ce mai tsayuwa da ƙafarta. Idan kuwa aka rufe “dawa ce” a ɗaya misalin, “manoma suka ajiye” ba ta cika ba, tana neman abin da aka ɗauke mata. Wannan gwajin yatsa shi ne na fi dogara da shi, domin ba ya buƙatar littafi. Da mun bar gyaran nan, da mun bar jimlar tana reto, mai karatu yana jiran ci gaban labarin da ba ya nan.

Wuri na biyu ya fi ba ni tsoro, domin gyaran da ya yi yana kama da daidai ƙwarai. Ya mayar da “saye geron” zuwa “sayi geron”, bisa dokar da kowa ya sani: ana cewa ya sayi gero idan suna ya biyo baya, ya saye shi idan wakilin suna ne, abin da ya saya idan babu komai a bayan aikatau. Wanda ya rubuta “ya saya gero” ya yi kuskure, kuma jar biro ta same shi da hujja. Sai dai akwai wani “saye” na dabam, ɗan'uwan cinye da shanye, wanda yake nufin an sayi abu duka ba a rage ba, kuma shi ba ya sauya wasalinsa na ƙarshe zuwa “i” a gaban suna. Na tambayi yaron abin da babin yake magana a kai, ya ce yadda hatsi yake ƙarewa a kasuwa da kaka, farashi ya tashi da bazara. Na ce to, idan dillalai sun sayi gero kawai, ina abin labari, tunda kowa ma yana saye? Hujjar marubucin gaba ɗaya tana kan wannan wasali guda. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka a irin wannan wuri ma'anar sakin layin ce kaɗai take raba gardama, kuma mai gyaran da yake duba jimla ita kaɗai ba tare da abin da ke kewaye da ita ba zai lalata magana yana ganin ya kyautata.

Wuri na uku kuwa kuskure ne na gaske, kuma na yaba masa da ya kama shi. Bayan wanda, wadda, waɗanda, da “da” ta dangantaka, haka nan bayan kalmomin tambaya irin su wa da me da yaushe, shuɗaɗɗen lokaci yana ɗaukar siga ta biyu: suka, muka, kuka, kika, aka. “Waɗanda sun sayar” ba ta da wata ma'ana ta dabam da za a ce marubuci ya nufa, kuma da na karanta wa dattijon ita da ƙarfi daga baya, kafin in kai ƙarshe ya ce hannunsa ne ya zame. Wannan ma wata alama ce da nake lura da ita: kuskure na gaske, mai shi yakan ƙi shi da kansa da zarar ya ji shi a kunne, salo kuwa yakan kare shi. Abin da ya sa irin wannan kuskure yake ɓuya shi ne a wakilan suna “na”, “ka”, “ya” da “ta”, sigogin biyu iri ɗaya ake rubuta su, bambancin yana cikin tsawon wasali ne, sai an zo jam'i ko kika ko aka sannan yake fitowa fili.

Na huɗun bai ɗauke mu lokaci ba. Jama'a kalma ce ta mace a siga, tarin mutane a ma'ana, don haka “jama'a ta fi” da “jama'a suka fi” duk sun halatta a wannan gurbin. Wanda ba ya halatta shi ne “jama'a ya fi”. Abin da muka duba kawai shi ne kada ya fara da “ta” ya koma “su” a tsakiyar jimla ɗaya ta yadda mai karatu zai rasa wa ake nufi. Ke nan cikin alamomi huɗu, ɗaya ce ta cancanci jar biro.

Inda aikin yake da wuya a nan Katsina shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan karin Kano, ita ce ake gani a jarida tun fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma ita ake koyarwa a makaranta. Dattijon nan yakan rubuta “na kai ma sarkin noma” maimakon “na kai wa”, da “gidanshi” maimakon “gidansa”, da “zamna” maimakon “zauna”. Ba ɗaya daga cikinsu da ya karya nahawu, domin haka iyayenmu suke magana, kuma tsarin nasu cikakke ne. Ni dai ba na yarda a kira Katsinanci kuskure a shagona. Tambayar da ta dace ita ce wa zai karanta littafin. Na same shi da fensir a hannu na ce: “Baba, idan makarantu kuke so su ɗauki littafin nan, gara bayaninku ya bi daidaitacciya, amma maganar manoman da kuka kawo daga bakinsu a bar ta yadda suka faɗe ta.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: “Ɗana, na yarda da zauna da gidansa, amma ka bar mani ma ɗina, da ita na tashi.” Muka bar masa ita daga farkon littafin har ƙarshe, sharaɗin kawai kada ta riƙa musanya da “wa” daga shafi zuwa shafi.

Akwai kuma abin da ya yawaita a baka amma nake ja masa jar biro duk da haka, wato amfani da “wanda” ga mace ko jam'i, kamar “manoma wanda suka sayar”. Ana jin haka kullum a hira da rediyo, sai dai a rubutun bayani dokar jituwar jinsi da adadi a fili take, ina iya faɗinta, kuma gyaran zuwa “waɗanda” ba ya taɓa ma'ana ko kaɗan. Da a bakin wani manomi ta fito cikin alamar zance, da na bar ta.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan rabe-rabe shi ne na taɓa biyan kuɗinsa. A farkon buɗe shagon, na daidaita maganar wata tsohuwa a cikin wani ɗan littafin tarihin iyali, na mayar da “tahi” da “ɗiyata” zuwa “tafi” da “'yata” ba tare da na tambaya ba. Mai littafin ya ce wannan ba muryar kakarsa ba ce, kuma gaskiyarsa, sai da na sake buga shafukan da takardata da tawadata. Tun daga ranar, kowane aiki yana fita daga hannunmu da launi biyu, kuma ba ma taɓa fayil a kwamfuta a kan alamar fensir sai marubuci ya sa hannu a gefenta.

Babi na uku ya koma wurin dattijon da jar alama ɗaya a waccan jimlar, sauran ukun na sa yaron ya soke su da hannunsa, ya rubuta dalilin kowace a bayan takardar. Da ya zo babi na huɗu, ya tarar da “'yan kasuwa sun saye gyaɗar”, sai ya ajiye biron, ya koma ya karanta sakin layin daga sama, sannan ya wuce ta ba tare da ya taɓa ta ba.