Na ga kore ya koma shuɗi a Ƙofar Mata

Jiya na kai farin yadina karofin Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake danganta kafuwarta da 1498. Na zauna gefen rijiya ina kallo. Da dattijon da ke rinin ya tsoma yadin ya ɗago, sai na gan shi kore-kore, har gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, ai shuɗi na ce." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, bar iska ta yi aikinta." Kafin mu gama magana, yadin ya fara rinewa a hannunsa.

Ashe baban rini, wanda ke ba da launin shuɗi, ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an haɗa shi da toka da katsi, wato guggubin tsohon rini, a rijiya, a riƙa motsawa na kwanaki har ya ruɓa, kumfa mai ƙyalli ta taso a sama. A lokacin ne yake shiga zare, idan iska ta buge shi kuma ya kama. Shi ya sa duhun launi yake zuwa daga yawan tsomawa da ɗagowa. In rijiya ta gaji, kumfar kan dusashe, rinin ya fito fari-fari.

Inda aka ɗaure da zare kuwa baba bai shiga ba, da aka kwance sai ga zobba farare reras. Har yanzu farcena shuɗi ne, don na ƙi jin magana na sa hannu.