Naira 90,000 da ta ɓuya a cikin lissafin da ya daidaita

Ina riƙe da littattafan kuɗi na wani shagon sarin kayan masarufi a kusa da Taminus, cikin Jos, kuma a lokacin da abin nan ya faru da biro nake shigar da komai a leja. Kowane ƙarshen wata nakan jera ragowar kowane asusu a layi biyu, debit a hagu, kiredit a dama, in haɗa jimla, wato abin da akantoci ke kira tirayal balans. Tunda kowane ciniki sau biyu ake rubuta shi, debit a wani asusu, kiredit a wani, ya kamata jimlolin biyu su zo daidai. A watan da nake magana, kowane layi ya ba ni naira 18,640,000 cif, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na shaida wa maigidana cewa lissafi ya fita lafiya.

Bayan mako biyu, dilan da ke kawo mana man gyaɗa daga Kano ya aiko da takardar bashinsa, inda ya nuna muna riƙe masa da naira 870,000, alhali lejata tana cewa 780,000. Na ɗauko takardar kayan, sai na ga shi ne da gaskiya. A asusun sayayya na rubuta 870,000 daidai, amma da na zo asusunsa sai na juya lambobin biyu na farko. Na gyara nan take, na sake haɗa jimla, sai kiredit ya zarce debit da naira 90,000, kuma a nan ne gabana ya faɗi, domin na gane cewa daidaiton da na yi alfahari da shi wani kuskure ne na daban ya tallafe shi.

Abin da ya taimake ni shi ne wata tsohuwar dabara: idan bambanci ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an juya lambobi. Na bi littafin cinikin bashi layi-layi ina sa alama, har na iso kan wani mai shago daga Bukuru da ya ɗauki shinkafa ta naira 540,000. A asusun ciniki adadin daidai yake, amma a asusunsa 450,000 na rubuta. Ke nan debit ya gaza da 90,000 a wajen mai saye, kiredit ma ya gaza da 90,000 a wajen dila, sai giɓin biyu suka rufe wa juna asiri.

Da farko na ɗauka irin wannan dacewa sai an shekara ba a gani ba, amma da na zauna da alƙalami sai na ga ba haka ba ne. Tsakanin 54 da 45 tara ne, tsakanin 87 da 78 tara ne, haka ma 65 da 56. Duk lambobi biyu da ke bin juna, idan aka juya su a gurbi ɗaya, giɓi ɗaya suke haifarwa, saboda haka mai hannun da ya saba juya lamba, musamman da yamma bayan an tashi daga kasuwa, yana iya yin kurakurai biyu masu soke juna cikin wata guda.

Na tarar da maigidan yana ƙirga katan-katan a sito, na ce, “Ranka ya daɗe, Alhaji, kuskure biyu na yi, ba ɗaya ba.” Ya tambaye ni ko riba ta taɓu, na ce ba ta taɓu ba, tunda ciniki da sayayya duk daidai suke, amma da mun biya dila kuɗin da bai cika ba, kuma da mun bar wa mai saye naira 90,000 ba tare da sani ba. Dila ya yi magana ne domin shi aka tauye, wanda aka rage wa bashi kuwa ba lallai ya lura ba.

Tirayal balans tambaya ɗaya kawai yake amsawa, ko jimlar hagu ta yi daidai da ta dama. Cinikin da aka manta gaba ɗaya, ko janareton da aka sa a kuɗin gyare-gyare maimakon kadara, duk sukan wuce ta gabansa salin-alin.

Tun daga watan nan na buɗe asusun sa ido na masu sayen da muke bi bashi: ragowar farkon wata, a ƙara jimlar cinikin bashi, a cire abin da aka biya da kayan da aka mayar, sannan a gwada sakamakon da jimlar asusun mutane ɗaya bayan ɗaya. Haka nake yi wa diloli. Da ina yin haka tun farko, da kowace 90,000 ta fito a ɓangarenta, domin ba ta da abokiyar da za ta ɓoye ta. Sai dai wannan ma ba ya kama bashin da aka rubuta wa wani a madadin wani, shi ya sa yanzu duk ranar biyar ga wata nake aika wa kowane mai saye takardar abin da muke binsa, in roƙe shi ya gwada da nasa littafin.