Abin da na koya game da wasiƙar karɓar aiki

A ƙarshen wannan wata zan miƙa makullan mangazar da nake kula da ita a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Damagaram, kuma da yake wasu ƙannena a wurin aiki sun nemi in bar musu shawara, na ga babu abin da ya fi cancanta in rubuta kamar yadda aka ɗauke ni wannan aiki tun farko, domin duk ɓacin ran da na haɗiye a tsawon zamana daga nan ya samo asali.

Shugaban biro na wancan lokaci shi ya kira ni ta waya bayan jarrabawar baki, ya ce an zaɓe ni, albashina sefa 250.000 ne a wata, kuma zan fara aiki ranar 1 ga Oktoba. A lokacin ina riƙe da mangazar wani ɗan kasuwa a Zango, inda nake karɓar 190.000 a hannu. Na roƙe shi ya aiko mini da wannan magana a rubuce kafin in sanar da maigidana. Amsar da ya ba ni har yau tana kunnena: "Haba ɗana, mu nan ba ma cin amanar kowa. Takarda tana Yamai wajen sa hannu, kai dai ka shirya." Mutumin ya haife ni, kuma a tarbiyyarmu idan babba ya ce ka yarda da shi, sake neman takarda kamar ƙaryata shi ne. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na ba maigidana sanarwar wata guda, aka sa wani a gurbina.

Ranar 1 ga Oktoba ta zo aka ce kuɗin masu ba da tallafi bai iso ba, in ƙara haƙuri. Haƙurin bai ƙare ba sai tsakiyar Nuwamba, kuma duk wanda yake da ƙanne a makaranta ya san abin da watan Oktoba yake ci a gidajenmu. Ba wanda ya biya ni wannan zaman jira, domin a takardun ƙungiyar ban zama ma'aikacinta ba sai ranar da na sa hannu.

Da aka ajiye mini kwantiragin, lambar 250.000 tana nan daram, sai dai an rubuta ta a matsayin albashi birut, wato kafin a cire komai. Na kai wa kontabul, mutumin kirki wanda babu hannunsa a cikin lamarin, ya zaunar da ni ya buga mini lissafin a gabana. An fara cire kason ma'aikaci na CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata, kashi 5,25 cikin ɗari, wanda ya kama 13.125. Daga nan sai harajin albashi da ake kira ITS, wanda ake yankawa mataki-mataki, ƙimarsa tana hawa yadda albashi yake hawa, ana kuma sassauta shi gwargwadon iyalin da suke wuyan mutum. Ni a lokacin ba ni da mata ba ni da ɗa, saboda haka babu sassaucin da ya same ni, harajin ya tashi kusan 26.000. Abin da ya rage ya shiga hannuna bai wuce 211.000 ba. Tsakanin abin da na ji a waya da abin da na karɓa akwai jika talatin da tara a kowane wata, wato kusan 468.000 a shekara. Na koma wurin shugaban, bai ko ɗaga kai daga takardun gabansa ba ya ce, "Ni ban taɓa ce maka net ba." Gaskiya ne bai ce net ba, wato abin da yake shiga hannu bayan an cire komai. Amma a jarrabawar baki ya tambaye ni nawa nake karɓa a hannu, na gaya masa, saboda haka ya san sarai da wace lamba nake auna tayinsa. Na sa hannu, don wanda ya riga ya saki reshe ba ya cinikin ganye.

Daga baya na je ofishin sufeton ƙwadago neman haske. Jami'in da na samu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi mini tambaya ɗaya: me nake da shi a rubuce daga kafin ranar sa hannu? Babu ko saƙon waya. Ya ce dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, tana kare ma'aikaci a abubuwa da yawa, amma shi ba zai iya tsayawa a kan maganar da mutum biyu suka yi ta waya ba alhali ga kwantiragi ɗauke da sa hannuna.

Wannan ne ya sa da wani wurin ya yi mini tayi a bana, ban furta wa kowa cewa zan tafi ba sai da na rubuta wasiƙar karɓa. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan wasiƙa a matsayin godiya kawai, su cika ta da addu'a da alkawarin ƙwazo. Amfaninta ya wuce haka. Ita ce damar da kake da ita ta maimaita abin da ka fahimta da lambobi da ranaku, ta yadda idan fahimtarku ta saɓa, saɓanin zai fito fili tun kana da aikin da za ka ci gaba da shi. Da Faransanci na rubuta ta, kamar yadda aka saba a ofisoshinmu, kuma ba ta cika shafi guda ba. Ga abin da ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, ina godiya da tayin da kuka yi mini ta waya ranar Litinin na muƙamin mai kula da mangaza, kuma ina farin cikin sanar da ku cewa na karɓa bisa sharuɗɗan da na fahimta kamar haka. Albashi sefa 300.000 ne a wata, net, wato abin da zai shiga hannuna bayan an cire CNSS da ITS. Zan fara aiki ranar 1 ga watan da muka ambata, kuma albashi zai fara gudana daga wannan rana. Wurin aikina garin Zinder ne. Kwantiragin na shekara ɗaya ne, da lokacin gwaji na wata guda. Idan akwai inda fahimtata ta saɓa da taku, ina roƙon ku gyara mini a rubuce, kuma ku aiko mini da kwafin kwantiragin in karanta, domin sai na sami amsarku zan ba wurin aikina na yanzu sanarwa."

Jimlar ƙarshe ita ce ƙashin bayan wasiƙar. Ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma nemi ƙari ba, amma ta ɗora musu nauyin amsawa, ta kuma nuna musu cewa lokacin sanarwar da zan bayar ba zai fara ƙirguwa ba sai sun yi magana. Saboda haka idan suna son ni a ranar da suka faɗa, su ne za su hanzarta.

Amsar ta zo, kuma ta nuna cewa da na yi shiru da na sake faɗawa ramin da na sani. Sun ce 300.000 ɗin net ne, amma a cikinsa akwai alawus na sufuri 30.000, sannan a cikin kowane wata zan riƙa yin mako guda a mangazarsu ta Tanut, abin da ba wanda ya ambata a waya. Maganar alawus ba ƙarama ba ce, domin wasu haƙƙoƙi ana lissafa su ne a kan albashi ban da kuɗin da aka ɗauka a matsayin mayar da abin da mutum ya kashe, kuma alawus ya fi tushen albashi sauƙin taɓawa ranar da kasafi ya matse. Na rubuta musu ta biyu, na ce na yarda da rabon, amma ina son a rubuta tushen albashi daban, alawus daban, a kuma nuna lambar birut kusa da ta net, tunda haraji yana iya canzawa kuma ya kamata a san wanda zai ɗauki canjin. Game da Tanut kuwa na nemi a faɗi wanda zai biya kuɗin mota da na kwana, da adadinsu. Duka sun shiga kwantiragin. Ban yi jayayya da kowa ba, kuma wadda take kula da ma'aikata a can ta ce da kowa yana haka da aikinta ya yi sauƙi.

A kan ranar fara aiki, abin da ya kamata a nema shi ne rana da wata da shekara. "Farkon wata" ko "da zarar kuɗi sun iso" ba rana ba ce. A ƙungiyoyin da suke rayuwa da tallafi yana da kyau a tambaya kai tsaye ko an riga an sa hannu a kan kuɗin aikin, domin sau da yawa ana ɗaukar ma'aikata ne tun yarjejeniyar tana hanya. Wanda ya ƙi rubuta maka rana, ya gaya maka cewa shi ma bai san ta ba.

Yadda ake miƙa wasiƙar shi ma yana da ƙa'ida. Idan da hannu ne, a kai kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya mayar maka. Idan ta imel ne, a aika zuwa adireshin ofis, kada a tsaya ga saƙon murya a wayar shugaba, wanda gobe ana iya yi masa canjin wuri ya tafi da wayarsa. Ya kamata kuma a san iyakar wasiƙar: ba ta maye gurbin kwantiragi. Ranar sa hannu ka ajiye ta a gefe guda, kwantiragin a ɗaya gefen, ka bi su layi-layi, domin abin da ka sa wa hannu a ƙarshe shi za a fara dubawa idan rigima ta tashi.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kwantiragi mai wa'adi dole ya kasance a rubuce, kuma a ƙa'ida ba ya wuce shekara biyu, ana sabunta shi sau ɗaya. Lokacin gwaji ma sai an rubuta shi. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki, kada a ba ka shi kamar alfarma. Ka nemi lambarka ta CNSS da takardar albashi tun watan farko, don cirewa daga albashi daban, zubawa a asusu daban.

Shugaban da ya ɗauke ni ya daɗe da komawa Yamai, an ma ƙara masa girma. Bayan tafiyarsa na gano cewa mu uku ya ɗauka a wannan shekarar da irin wannan kiran waya, kuma ɗaya daga cikinmu ya baro aiki ne tun daga Magarya, ya kama hayar gida a Sabon Gari bisa lissafin albashin da bai taɓa gani ba.