Asabar: Ɗakin Inna, Kankara da Shafin Farko

Yau muka soma gyaran ɗakin Inna, ni da ƙanena. Ana idar da sallar asuba muka fitar da gado da akwatuna tsakar gida, muka shimfiɗa leda da tsofaffin kwalaye a ƙasa. Na zaɓi wannan lokacin ne don damina ta wuce, bango ya bushe sarai, kuma zafin Yamai bai kankama ba. In bango ya ɗau zafi, fenti yakan bushe kafin ya kama, kowane zuwan rulo sai ya bar layi.

Ƙanena ya so mu buɗe bokitin fenti nan take. Na ce ya fara goga tafin hannunsa a bango. Hannun ya fito fari fat. Wannan garin shi ne ke ɓata aikin mutane da yawa: sabon fenti a kansa yake zama, ba ya kai wa ga siminti, bayan 'yan watanni sai ya kumbura ya riƙa ɓarewa. Na kuma manna sikoci na fizge, ya taho da ɓawon tsohon fenti. Sai na shafa jiƙaƙƙen soso. Saman bangon ya shanye ruwan ya yi duhu, alamar farar ƙasa ce ko fenti na ruwa mai araha. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ruwan gangarowa ya yi, wato fenti mai mai ne. Bango ɗaya ke nan, amma gyara iri biyu yake so.

Sama muka kankare da makankari na ƙarfe, duk inda ya saki, sannan muka bi da buroshi mai tauri. Aikin nan ya cinye mana safiya gaba ɗaya, kuma ban yarda a gaggauta shi ba. Ƙasa kuwa samfefa mai lamba 120 muka sa, muna jiƙa wurin da ruwa, har sheƙin ya mutu. Fenti na ruwa ba ya kama wuri mai santsi. Jiƙawar tana da dalili: wasu tsofaffin fenti masu mai suna da dalma, ƙurarsu kuma illa ce, musamman ga yara. Don haka muka rufe hanci, aka kai yaran gidan maƙwabta.

Babban tsagin da ke gefen taga magini ya cike shi da siminti tun wata guda da ya wuce, don sabon siminti yana son kamar sati huɗu kafin a yi masa fenti, in ba haka ba gishirinsa ya ci launin. Ƙananan tsaga da ramukan ƙusa ne suka rage. Na ɗan buɗa bakin kowanne da kan makankari, na kaɗe ƙura, na cike da andiwi, wato kwaɓin da ake cike ramukan bango da shi kafin fenti. Bayan azahar ya bushe, na goge ya daidaita, muka share bangon duka da ɗanyen tsumma muka bar shi ya sha iska.

Inna ta leƙo ta ce, “Kai ɗan nan, tun safe ban ga launi ba.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, sai gobe in Allah ya so.”

Ga lissafin da na yi kafin in je kasuwar Katako sayayya. Ɗakin mita 4 ne a kan 4, tsayi mita 3. Bango huɗu sun ba da murabba'in mita 48, in an cire ƙofa da taga ya rage kamar 44. Gwangwanin shafin farko, wato abin da ake fara shafa wa bango don fenti ya kama, ya nuna lita ɗaya tana rufe kusan murabba'i 10, amma kankararren bango yana sha sosai, sai na ɗauki lita 6. Na ce wa mai shago wanda ke kama bango mai gari da kuma tsohon fenti mai mai nake so, don ba kowanne ke yin biyun ba. Wasu sukan tsinka fentin da ruwa su ce shi ne shafin farko. A kan lafiyayyen bango yana iya wucewa, amma ba ya ɗaure gari.

Da la'asar muka shafa. Na manna sikoci a gefen ƙofa, taga da makunnin wuta. Ni ina kan tsani ina zagaye kusurwoyi da ƙaramin buroshi, ƙanena yana biye da rulo mai doguwar sanda kafin gefen ya bushe. Daga sama zuwa ƙasa, bango ɗaya sai ya ƙare ake taɓa na gaba. Mun rufe tagar da iska ke shigowa saboda ƙurar hunturu, muka bar ƙofa buɗe, fanka kuma a kashe.

Da safe zan sake goga hannu. In bai ɗauko gari ba, mu fara da silin, sannan bango shafi biyu, da tazarar da gwangwani ya faɗa a tsakaninsu. Inda na ga wuri ya yi dishi-dishi ya shanye shafin, musamman kan andiwi, zan ƙara masa kafin launi ya hau. Ƙofa da taga su ne na ƙarshe.