An buɗe rajistar baje kolin guraben aiki: wasiƙa ga ƙungiyar ɗalibanmu

Assalamu alaikum ƙannena,

Ina gaishe ku daga nan ƙasar waje, da fatan karatu yana tafiya lafiya. Ofishin jami'a mai kula da harkar samun aikin ɗalibai ya buɗe rajistar baje kolin guraben aiki na bana, kuma shugabannin ƙungiya sun nemi in yi muku bayanin yadda ake yi.

Rajistar hawa biyu ce, kuma a hawa na biyu ne yawanci ake barin mutane a baya.

Da farko ku shiga shafin rajista da adireshin imel ɗin da jami'a ta ba ku, domin da shi ake tabbatar da cewa kai ɗalibi ne. Ku cike suna, lambar ɗalibi, sashen karatu da shekarar kammalawa. Saƙon tabbatarwa zai zo. In bai bayyana ba, ku leƙa akwatin `Spam` kafin ku sake yin wata rajistar. Daga nan sai ɗora takardar tarihin karatu da aiki. Ku mayar da ita PDF, shafi ɗaya ko biyu, sunanku a jikin fayil ɗin.

To, duk wannan izinin shiga zaure kawai ya ba ku. Ganawa da kamfani kuwa sai kun kama lokaci da kanku. Kowane kamfani yana fitar da 'yan gurabe na gajeruwar ganawa, wanda ya riga shi ya samu. Kuma sau da yawa kamfanin yana tace masu ganin gurabensa ne da abin da suka cike tun farko.

Ga misali. Ɗalibar injiniya da ke ajin ƙarshe ta rubuta shekarar da ta shiga jami'a a wurin shekarar kammalawa. Kamfanin gine-gine yana neman masu kammalawa bana, sai na'ura ta ɗauke ta a matsayin wadda ta daɗe da fita. Ita tana ganin sunan kamfanin amma babu gurbi ko ɗaya, ƙawarta kuwa tana ganin gurabe a buɗe. Wannan ita ce alamar. In haka ta same ku, kada ku ɗauka an cinye. Ku koma ku gyara bayananku, ku sake dubawa.

Shawarata, kada ku kama kamfani goma. Uku ko huɗu da kuka karanta aikinsu sun ishe ku, ku bar tazara tsakanin ganawa da ganawa, don layi kan ja. In uzuri ya taso, don Allah ku soke gurbin da wuri, wani ɗan'uwanku yana jiransa.

Ranar baje kolin ku riƙe katin shaidar ɗalibi, da saƙon tabbatarwa a waya, da kwafin takardarku a buge.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanku, tsohon ɗan ƙungiya