Ja da kore: kayan dogari da fentin ruwa

Ja da kore suna kyau ƙwarai idan suna gefen juna, amma da zarar sun haɗu a jiƙe sai su koma laka. Duk wanda zai zauna da yaro su yi fentin ruwa ya kamata ya san wannan tun kafin a tsoma burushi a ruwa, domin zane mai kyau na iya lalacewa cikin ƙiftawar ido, kuma ba ya gyaruwa.

Ɗana mai shekara bakwai ya zana dogari bayan mun dawo kallon hawan Sallah. An ce kowane ɗan aji ya kawo zane za a liƙa a bango. Ya zauna ya fitar da rawanin, da babbar rigar, da bulala a hannu, har da ƙofar fada a baya da bishiya ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi zane mai rai irin wannan ba. Kayan dogari kuwa kowa ya san su, ja da kore ne. Ya shafa jan, bai jira ba ya ɗora koren a gefensa, sai kawai bakin launukan biyu ya buɗe suka malala cikin juna. Tsakiyar rigar ya zama ruwan ƙasa mai duhu. Ya ƙara ja don ya rufe, abin ya ƙara muni, takardar ta yi laushi ta fara saɓulewa. Ya ɗago ya ce, “Umma, rigarsa ta yi datti.” Har yanzu idan na tuna zanen nan raina sai ya sosu, don wanda ya sake yi daga baya bai kai na farkon rai a fuska ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Launuka uku ne ake haɗa sauran da su a akwatin yara: ja, rawaya da shuɗi. Kore rawaya ne da shuɗi. To idan ja ya shiga kore, ukun nan sun taru wuri guda ke nan, kuma duk inda suka taru ruwan ƙasa ko ruwan toka ake samu. Haka shuɗi yake da ruwan lemu, haka rawaya take da shunayya. Kowane biyu a cikinsu suna haska juna idan akwai iyaka a tsakani, suna kashe juna idan babu. Da a ce rawaya ce ta malala cikin ruwan lemu, ko shuɗi cikin kore, da ba abin da zai ɓaci, domin dangin juna ne. Shi ya sa zanen faɗuwar rana ba ya ba yara wahala, dogari kuwa yana ba su.

Da muka zauna yin na biyu, kirayon ne ya cece mu. Kirayon kakin zuma ne ko makamancinsa, ruwa ba ya zama a kansa. Sai na sa ya bi duk layukan rigar da kirayon, yana dannawa sosai: jan kirayon a bakin inda ja zai zauna, kore a bakin kore. Layin ya zama kamar kunyar gona, fentin ya zo ya tsaya a jikinsa. Amma sai layin ya rufe ruf. Wuri ɗaya a hammatar rigar ya bar ’yar kafa, ta nan jan ya fara leƙawa, na yi maza na dangwale shi da busasshen tsumma. A dangwala, kada a goga. Inda yake son farin zare a rawanin, guntun farin kyandir muka ja a kan takardar kafin fenti, wurin ya fito fari tas.

Ko da iyakar kirayon, ban yarda ya shafa koren nan take ba. Ja tukuna, a bar shi ya bushe. Yadda ake ganewa: a karkata takardar wajen haske, idan tana sheƙi da saura, a taɓa da bayan yatsa, idan da sanyi-sanyi da saura. Jiran nan shi ya fi komai wuya ga yaro, sai na tura shi ya yi bishiyar da ke can ɗaya gefen. Gwangwanin ruwa ma biyu muka ajiye, ɗaya na wanke burushi, ɗaya mai tsabta na jiƙa fenti. Burushin da ya fito daga ja ya faɗa kore da ruwa guda, lakar nan ce dai za ta dawo, sai dai a hankali, har koren da ke cikin akwatin ya dushe.

Sai maganar sauran zanen. Akwatinsa launi goma sha biyu ne, kuma so yake kowanne ya shiga: ƙofa shunayya, ƙasa ruwan lemu, sama shuɗi mai kauri. Ban hana shi da faɗa ba. Na yago gefen takarda muka jera launukan da yake so a kai, na ɗaga daga nesa na ce, “To ina dogarin a nan?” Ya duba ya ce ba ya ganinsa. Shi da kansa ya rage. Muka tsaya a kan cewa ja da kore masu ƙarfi na dogari ne shi kaɗai, komai na bayansa kuma a tsinka shi da ruwa. Sama shuɗi ne mai ruwa da yawa. Katangar fada rawaya ce da ɗigon ja, ta ba da launin jar ƙasa mai haske. A nan a tuna fentin ruwa yana ƙara haske idan ya bushe, don haka na rigar a sa shi da ɗan kauri, na baya a bar shi yadda ya fito.

Abin da ya faranta mini rai shi ne lakar da ta ɓata mana zanen farko ita ta ƙawata na biyu. Koren akwati yana da tsawa, idan aka shafa wa bishiya shi kai tsaye zai yi gasa da rigar. Muka ɗiba a faranti muka taɓa masa ja da bakin burushi kawai, sai ya kwanta ya zama koren ganyen darbejiya. Inuwar dogarin a ƙasa, ja da kore muka haɗa da gangan muka tsinka, maimakon baƙi, wanda yake fitowa kamar rami a takarda. Fuska da hannuwa kuma ja da rawaya ne da ɗan shuɗi kaɗan. Tun da komai daga launuka ƙalilan ya fito, zanen ya zauna da juna, ba abin da ya yi kamar baƙo a ciki.

Takarda ma tana da hannu a ɓarnar farko. Farar takardar ofis mai nauyin giram 80 ba ta ɗaukar ruwa, tana kumbura ta yi kwari da tudu, fentin ya gangara kwarin ya haɗu da maƙwabcinsa. Ta fentin ruwa ta sosai giram 300 ce. Idan ba a samu ba, farin kwali mai kauri wanda ba shi da santsi ya fi, a kama gefunansa da salatif a kan katako.

Idan kirayon zalla yaro zai yi amfani da shi, malala ba ta taso ba, amma ɗora ja a kan kore yana ba da dattin nan dai. A fara da mai haske, a bi da mai duhu, kuma tsakanin ja da kore a bar siririn farin takarda ko layin rawaya. Na gwada masa duka biyun a kan hular wani zanen, ya zaɓi rawayar.