Albumin ya faɗi, amma ba yunwa ba ce

Aikina tsara abincin marasa lafiya ne a asibiti, kuma takardar da aka fi miƙo mini ita ce ta gwajin albumin, wani furotin da hanta ke ƙerawa ta zuba a jini, tare da cewa ya faɗi saboda yunwa, a ƙara wa mutum abinci.

Akwai wani dattijo da aka yi wa tiyatar hanji, ciki ya tara mugunya. Kafin tiyata albumin ɗinsa giram 3.9 ne a kowace desilita, cikin mako guda ya koma 2.3. Firi'albumin, shi ma wani furotin na hanta, ya sauka zuwa miligiram 8 a desilita, CRP kuwa, furotin da ke hawa idan akwai kumburi a jiki, ya haura miligiram 180 a lita, alhali na mai lafiya bai kai 10 ba. Likitan ya ce mini, "Malama, a ninka masa abincin bututun nan."

Na roƙe shi mu duba lissafin tukuna. Albumin yana ɗaukar kusan kwana 20 kafin rabinsa ya ƙare a jini, saboda haka rashin ci na mako guda ba zai zubar da shi haka ba. Kumburi ne. Idan jiki ya shiga yaƙi da cuta, hanta takan karkata ga ƙera CRP da ire-irensa, ta rage albumin da firi'albumin. Ƙananan jijiyoyin jini kuma sai su riƙa yoyo, albumin ya tsiyaye cikin nama. Ga ruwan da aka yi ta ƙara masa ya tsinka ragowar.

Lokacin yana samun kalori 25 da furotin giram 1.3 a kan kowane kilo na nauyinsa, wanda ya wadatar. Da an ninka, sukarin jininsa ne zai tashi, lambar kuwa ba za ta motsa ba. Muka bar abincin yadda yake. Da aka zuƙe mugunyar, CRP ya sauko 40, firi'albumin ya hau 17. Shi rabinsa kwana 2 zuwa 3 yake ƙarewa, shi ya sa yake saurin juyawa, amma kumburin yake bi, ba kwanon abinci ba. Ciwon ƙoda ma yakan ɗaga shi.

Akasin haka ya fi ba ni tsoro. Mai yunwa zalla, ba kumburi, yana iya ramewa ƙashi da fata albumin ɗinsa na nan lafiya lau, sai a sallame shi.

Shi ya sa ba na karanta waɗannan lambobi sai da CRP a gefe. Hukuncin tamowa kuma a jikin mutum nake yanke shi: ko ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, nawa yake ci, sannan in taɓa gefen goshi da kafaɗa da tsakanin babban yatsa da manuniya in ji ko tsoka ta zaizaye. Idan ƙafa ta kumbura da ruwa, sikeli ma ba na yarda da shi.